Yadda ake rubuta lambar waya a CV da fom, da wadda ya kamata ka bayar

Wani ƙanina ya kawo mini CV ɗinsa in duba masa kafin ya tura. A saman takardar ya jera lambobin waya uku, ya raba su da 'yar sanda a tsakani. Na tambaye shi wacce ce a cikin wayarsa yanzu. Ya ce ta biyun, ita yake sayen data da ita, amma abokinsa ne ya yi mata rajista. Ta farkon tasa ce tun yana sakandare, tana cikin ƙaramar waya a gida, ya kwana biyu bai sa mata kati ba. Ta ukun kuwa sim ɗin ya ɓata tun bara, WhatsApp ɗinsa ne kawai ke kanta. Ka ga lamba uku ke nan, amma babu ko ɗaya da za a ce ga ta a hannunsa, da sunansa, tana kuma aiki. Da wannan misalin nasa zan bi matakan, domin kusan duk kuskuren da ake yi yana cikinsa.

Mataki na farko: zaɓen layin

Kafin a zo ga yadda ake rubutawa, sai an san wacce za a rubuta, kuma nan ne aikin yake. Lambar da ke kan CV amfaninta kusan na kira ne: a neme ka a same ka. Wadda ke kan fom na banki, ko na makaranta, ko na hukuma, aikinta ya wuce nan. Ta cikinta za a riƙa turo maka lambar sirrin nan ta wucin gadi da ake shigarwa kafin a buɗe maka shafinka, ta cikinta za ka sake kalmar sirri idan ka manta, kuma wannan zai iya tasowa bayan shekara uku ko biyar. Don haka lambar fom makulli ce, kuma duk wanda sim ɗin ke hannunsa shi ke riƙe da makullin.

Tambaya ta farko da za ka yi wa kowane layi ita ce: da sunan wa aka yi masa rajista? Idan wayarka ta ɓata ko sim ya lalace, kamfanin layi ba zai yi maka walkam bak ba sai ka nuna shaidar cewa kai ne mai shi. Layin da aka yi wa rajista da sunan aboki ko na mai shagon da ya sayar maka, ranar da ya ɓata sai an nemo wancan mutumin, in yana nan, in kuma ya yarda. A Najeriya tun ƙarshen 2020 aka wajabta haɗa kowane layi da lambar ɗan ƙasa ta NIN, saboda haka a wurin hukuma layin na mai NIN ɗin ne, komai daɗewarsa a aljihunka. Da wannan kaɗai layin datan ƙanina ya faɗi.

Tambaya ta biyu: layin yana motsi? Kamfanonin waya ba sa ajiye wa mutum lamba har abada. Layin da ya yi watanni ba a sa masa kati ba, ba a kira da shi ba, ba a sayi data ba, rufe shi ake yi, daga baya a sayar wa wani da lambar. Wannan ne hatsarin lambarsa ta uku. WhatsApp yakan ci gaba da aiki a waya ko da sim ɗin ya mutu, shi ya sa mutum ke zaton lambar tasa ce har yanzu. Ranar da sabon mai layin ya yi rajistar WhatsApp da ita, za a fitar da kai, kuma duk saƙon da aka turo daga ranar wurinsa zai je. Gwajin mai sauƙi ne: ka ari waya ka kira lambar. In ba wayar da ke hannunka ce ta yi ƙara ba, kada ka rubuta ta a ko'ina.

Sai ta uku: tana tare da kai a lokacin aiki, kuma akwai sabis ɗinta inda kake wuni? Masu ɗaukar aiki da rana suke kira, sau da yawa kuma suna da dogon jerin sunaye a gabansu. Wanda aka kira sau biyu aka ji a kashe, ba lalle a dawo kansa ba.

Abin da muka yi da ƙanina shi ne muka ɗauko tsohon layinsa na sakandare, tunda shi ne mai sunansa, muka ciro shi daga ƙaramar wayar muka sa a babbar kusa da na data, ya sa masa kati ya yi kira. Sannan ya mayar da WhatsApp ɗinsa kan wannan layin ta wurin da aka rubuta `Change number` a cikin saitin asusu, wanda ke ɗauke maka rukunoninka da bayananka zuwa sabuwar lambar. Lambar tabbatarwa sabon layin ake turo wa, don haka rashin tsohon sim bai hana shi ba. Daga nan kira da tes da WhatsApp duk suka koma lamba ɗaya.

Ni a ganina lamba ɗaya ta isa a CV. In ka ga dole sai biyu, misali inda kake sabis na yawan ɗaukewa, to ta biyun ta kasance ta wani kamfanin daban, ita ma taka, kuma ka rubuta wacce ce ta farko. Lamba uku a jere tana sa mai kira ya tsaya yana canke, kuma in ya canki matacciya zai iya ɗauka duk haka suke.

Waɗanda ba a bayarwa kuwa sanannu ne, amma sai an faɗa. Kada ka sa lambar ofishin da kake aiki yanzu, ko layin da suka ba ka, alhali wani aikin kake nema. Ban da tonon asiri, ranar da ka bar wurin layin zai koma hannunsu. Kada kuma ka bar mai shagon da ke cike maka fom ya sa tasa lambar ko nasa imel don a yi sauri. A ranar zai karɓi lambar tabbatarwa ya gama maka aiki cikin minti biyar, amma daga nan duk wani saƙo na kiran jarrabawa ko na sauyin rana wayarsa zai shiga, tare da na mutum ɗari irinka. Ka tsaya a kansa ka ga abin da ya shigar da idonka.

Akwai wanda ba shi da waya tasa, ko wadda tare suke amfani da waya ɗaya da maigida ko mahaifiya. Shawarata a nan, ko babu waya a mallaki sim da sunan kai, a riƙa sa shi a wayar gidan idan tana cin layi biyu. In hakan bai yiwu ba aka ba da lambar wani, to a zaɓi babba mai natsuwa wanda ake kwana gida ɗaya da shi, a gaya masa sunan wurin da aka nemi aikin, a roƙe shi in an kira ya rubuta sunan mai kiran da lambarsa. Kiran da aka amsa da "ba na nan ba ne" saboda mai wayar bai san da maganar ba, ya tafi ke nan.

Mataki na biyu: gane siffar lambarka

Kowace lamba siffa biyu gare ta, ta cikin gida da ta ƙasa da ƙasa. Lambar hannu a Najeriya alƙaluma 11 ce in an haɗa da sifilin farko. Wannan sifilin ba ya cikin ainihin lambar, alama ce kawai ta kiran cikin gida. Idan za a rubuta ta yadda za a iya kira daga ko'ina a duniya, sai a cire shi a sa lambar ƙasa a madadinsa:

```
0803 xxx xxxx
+234 803 xxx xxxx
```

Bayan +234 alƙaluma 10 ne cif. In ka ƙirga ka ga 11, ka bar sifilin ke nan, kuma shi ne kuskuren da ya fi yawa: `+2340803...`. Wani lokaci kira yakan shiga a haka, amma shafukan cike fom da yawa za su ƙi karɓa, ko su karɓa saƙon tabbatarwa ya ƙi zuwa.

Sai dai kada a ɗauki "cire sifili" a matsayin dokar duniya. Gana tana yin irin na Najeriya: alƙaluma 10 a gida, a cire sifili a sa +233 su koma 9. Birtaniya ma haka, lambar hannu mai farawa da 07 takan koma +44 7. Amma Nijar lambobinta alƙaluma 8 ne, babu sifilin da za a cire, +227 kawai ake ɗorawa a gaba. Kamaru alƙaluma 9 ne, ita ma +237 kawai ake ƙarawa. Italiya kuwa layukanta na gida da na ofis suna riƙe sifilinsu ko bayan +39. Abin da zai raba ka da shakka shi ne ka ajiye lambarka a wayar wani da siffar ƙasa da ƙasa, ya kira ka, ya kuma duba ko ka fito masa a WhatsApp.

Ita alamar + ɗin tana da dalili. Kowace ƙasa tana da lambar da ake dannawa don fita waje: yawancin ƙasashe 00, Amurka da Kanada 011. Alamar tana nufin "sa taka lambar fitar a nan", kuma wayar hannu da kanta take fassara ta. Shi ya sa `+234` ya fi `00234` a takarda, tunda ba ka san daga inda za a kira ka ba. A ƙa'idar ƙasa da ƙasa da ake kira E.164, duk lambar da lambar ƙasarta ba ta wuce alƙaluma 15. Ta Najeriya 13 ce, ta Gana 12, ta Nijar 11. Riƙe wannan adadin na ƙasarka, da shi za ka riƙa ƙirga abin da ka rubuta.

Mataki na uku: a kan CV

A sama take zama, ƙarƙashin sunanka, layi ɗaya da imel ko kusa da shi. Kada ka kai ta ƙarshen shafi na biyu. Ni na fi son siffar ƙasa da ƙasa ko da aikin na cikin gida ne, domin tana kiruwa a gida da waje, ba sai ka yi CV biyu ba. Raba alƙaluman da tazara, uku, uku, huɗu, saboda ido ya fi kama su a haka, kuma mai kwafa ba zai tsallake ɗaya ba. Babu buƙatar ɗigo ko sanda a tsakani. Akwai wani salo da ake gani a katunan ofis, `+234 (0)803`, wai don a gamsar da mai kiran gida da na waje lokaci ɗaya. Bar shi. Mutum zai gane, amma manhajar da ke tsintar bayanai daga CV tana iya haɗe sifilin da sauran ta ba da lamba marar aiki.

Saboda waɗannan manhajojin ne ma nake cewa lambar ta zama rubutu na gaske a jikin takardar. Kada ta kasance cikin hoto, kuma ya fi kyau kada ta shiga can cikin rufin shafi da ake kira `Header`, domin wasu manhajojin ba sa karanta wurin. Bayan ka mayar da takardar PDF, buɗe ta ka gwada kwafo lambar ka liƙa a wurin kira. In ta kwafu daidai, to shi ke nan.

Ba sai ka rubuta sunan kamfanin layin a gefe ba. Ba shi da amfani ga mai kira, kuma tunda ana iya ƙaura da lamba daga kamfani zuwa kamfani (a Najeriya tun 2013), farkon lamba ma ya daina nuna na wane ne.

Idan kana tura CV ƙasar waje kuma WhatsApp ɗinka na kan lambar, rubuta hakan a gefenta da kalma ɗaya, don kiran waje tsada gare shi, da yawa sun fi son su turo saƙo. Amma ka tuna da zarar sun ajiye lambar za su ga hotonka da sunan da ka sa wa kanka da ɗan rubutun da ke ƙarƙashi, gwargwadon yadda ka saita. Ƙanina laƙabin da abokansa ke kiran sa da shi ne a nasa; muka mayar da shi cikakken sunansa kamar yadda yake a takardun makaranta. Waƙar da mai kira ke ji kafin ka ɗauka ita ma ka saurare ta da kunnen baƙo.

Wani abu da ya kamata a yi hattara da shi, musamman ke 'yar'uwa: CV ɗin da za ki tura wa kamfani kai tsaye daban, wanda za ki ɗora a fili inda kowa ke gani daban. A na fili, imel ya wadatar. Lambar da ke haɗe da asusun banki ba ta zama a allon kowa da kowa, domin daga irin wuraren nan ne 'yan damfara ke tsintar suna da lamba su kira da sunan an ɗauke ki aiki. Duk mai ɗaukar aikin da ya ce a karanto masa lambar sirrin da ta shigo waya yanzu, ɓarawo ne, a kashe kiran.

Mataki na huɗu: a kan fom

A nan ba salonka ake bi ba, na fom ɗin ake bi, don haka dubi gurbin kafin ka taɓa shi. A fom na intanet iri uku ne aka fi gani. Akwai mai ɗan akwati a gefe da ake zaɓen ƙasa ko tuta. Wannan ya riga ya sa maka lambar ƙasa, kai dai ka tabbata ƙasarka ce aka zaɓa, ka shigar da sauran ba sifili, ba +234. Wanda ya sake rubuta 234 a nan ya ninka ta. Akwai mai gurbi ɗaya da misali a dusashe a ciki. Kwaikwayi misalin daidai, in da sifili ya fara ka fara da sifili. Akwai kuma wanda ba zaɓen ƙasa ba misali. In na cikin gida ne sa siffar gida, in na waje ne sa ta ƙasa da ƙasa. Idan ya ƙi karɓar alamar +, cire ta ka fara da lambar ƙasar. A duk ukun kada ka bar tazara. Tazarar don idon mutum ce, na'ura ba ta buƙatarta.

Da ƙanina ya zo cike fom ɗin neman tallafin karatu a waje, shafin ya yi ta nuna masa jan rubutu `Invalid phone number`. Muka ƙirga: tutar Najeriya na gefe, shi kuma ya shigar da alƙaluma 11. Yana goge sifilin jan rubutun ya ɓace, saƙon tabbatarwa ya shigo kafin minti ɗaya. Irin wannan jan rubutun taimako ne. Wanda ya fi wahalarwa shi ne shafin da zai karɓi lambar shiru alhali ba daidai take ba. Alamarsa ita ce saƙon ba zai zo ba. In ka jira 'yan mintuna ba ka ga komai ba, kada ka yi ta danna a sake turowa, don wasu shafukan sukan kulle ka na ɗan lokaci. Koma ka ƙirga alƙaluman, ka duba ƙasar da aka zaɓa, ka leƙa wurin da wayarka ke ɓoye saƙonnin da take zargin na talla ne, sannan ka gwada tura wa layin tes daga wata waya don ka san ko layin ne da kansa ba ya karɓa.

A fom na takarda mai ƙananan akwatuna, ƙirga akwatunan tukuna. A Najeriya in sun kai 11 siffar gida ake so, in 10 ne kuma an buga +234 a gaba, ba sifili. Alƙalami ɗaya a kowane akwati. Wani ma'aikaci ne zai kwafe rubutunka zuwa kwamfuta, kuma ba zai kira ka ya tambaya ba, don haka 1 ta bambanta da 7, 0 ta rufu kada ta yi kama da 6, 4 kada ta koma 9. In ka yi kuskure, ja layi ɗaya a kan lambar ka sake rubuta ta gaba ɗaya a sarari, ko ka nemi sabon fom in ba a yarda da gyara ba. Maimaita biro a kan alƙalami don mayar da 3 zuwa 8 shi ke haifar da lambar da ba ta kowa ba.

In kuma a teburin Excel aka ce ka cike, akwai tarko. Yana ɗaukar lambar waya a matsayin adadin lissafi, sai ya share sifilin farko, mai alƙaluma 13 kuma ya nuna ta kamar `2.34803E+12`. Maganinsa ka fara da alamar `'` kafin lambar, ko ka mayar da gurbin `Text` kafin ka rubuta.

Gurbin `Alternative phone number` na layinka ne na biyu. In babu, ka bar shi ko ka sa na wanda ka sanar. Gurbin `Next of kin` da na lambar gaggawa kuwa ba naka ba ne sam. Wanda ya maimaita lambarsa a nan ya kashe amfanin gurbin, domin ranar da za a neme shi ita ce ranar da kai ba za ka iya ɗaukar waya ba. Haka lambobin waɗanda za su ba da shaida a kanka: nemi izininsu, ka tambaye su wane layi suke so a sa, kada ka kwafo wanda ke wayarka tun shekarun baya.

Mataki na ƙarshe: bayan ka bayar

Kafin ka danna turawa ko ka miƙa takarda, karanta lambar daga kan takardar, ba daga ƙwaƙwalwarka ba, kana danna ta a wata waya har taka ta yi ƙara. Wanda ya haddace lambarsa idonsa abin da ya sani yake gani, shi ya sa alƙaluma biyu da suka yi musayar wuri ke wuce shi.

Daga nan sai ka buɗe shafi a littafi ko a waya ka riƙa rubuta duk inda ka ba da wannan lambar: banki, makaranta, imel, wuraren neman aiki. Ka riƙa sa wa layin kati kana kira da shi ko sau ɗaya a wata. In wata rana dole ta sa ka sauya layi, bi wannan jerin ɗaya bayan ɗaya tun tsohon sim yana aiki, ka fara da banki da imel, domin da yawansu tsohuwar lambar za su turo wa saƙon tabbatarwa kafin su karɓi sabuwa. In kuma wayar ce ta ɓata, a ranar ka sa a toshe layin, ka sanar da banki, ka je walkam bak da katin shaidarka. Ƙanina jerinsa ya kai wuri tara, uku daga ciki har lokacin suna kan ɓataccen layin nan, kuma ɗayansu sai da ya je ofishinsu da kansa da katin shaida kafin aka sauya masa.